Wanki, Shanya da Ajiyar Leshi da Kayan Aikin Zare: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu leshi da tufafi masu aikin zare suka fi maimaitawa. Kusan dukkansu suna komawa ga matsala biyu ne: zaren da ke fizgewa, da farin da ke dafewa ya koma rawaya. Kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata an nuna.

Me ya sa ba a wanke leshi kamar sauran kaya?

Yadi na yau da kullum saƙarsa a cushe take, zare na tokare da zare, shi ya sa yake jure cuɗa da murɗa. Leshi kuwa rabinsa huji ne. Furannin da kuke gani a jikinsa wasu siraran zaruruwa ne ke riƙe da su, kuma idan ya sha ruwa duk nauyin ruwan a kan waɗannan zaruruwan yake sauka. Aikin zare kuma a saman yadin yake kwance, musamman irin ɗinkin nan mai santsi da zaren ke tafiya da tsawo kafin ya koma cikin yadi, don haka farce, zobe, haƙoran zif ko maɓallin wata riga duk suna iya ɗago shi.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne yawancin ɓarnar tana faruwa ne lokacin da kayan ke jiƙe. Reyon, wanda ake yawan yin zaren aiki mai sheƙi da shi, ƙarfinsa yana raguwa sosai cikin ruwa, siliki ma yana yin rauni. Auduga ba ta yin rauni, amma tana shan ruwa da yawa ta yi nauyi har ta ja siffar kayan.

Ta yaya zan san ko kayana na wankin ruwa ne ko a'a?

A fara duba 'yar takardar da ke jikin kayan, idan akwai. Hoton baho da hannu a ciki yana nufin wankin hannu, baho da aka soke da giciye yana nufin kada ya taɓa ruwa, da'ira tana nufin wankin sinadari na ƙwararru, alwatika da aka soke kuma tana hana bilic. Murabba'i mai layi ɗaya a kwance a tsakiya shi ne umarnin a shanya a shimfiɗe.

Sau da yawa babu takardar, musamman idan yadi aka saya aka kai ɗinki. A nan sai a dubi kayan da kansu. Leshin auduga, foliyesta da nailan duk suna karɓar wankin hannu. Abin da ke sa a dakata shi ne abin da aka ɗora a kai. A juya bayan yadin a ga yadda duwatsu suke: idan akwai zare a bayan kowane dutse, ɗinkakke ne kuma zai jure ruwa. Idan babu, da gam aka manna shi, kuma ruwan zafi ko doguwar jiƙa za su sake shi. Irin wannan ko wurin masu wankin sinadari ba lallai ya tsira ba, domin sinadarin da suka fi amfani da shi yana narkar da wasu nau'o'in gam da ƙyalƙyalin roba, saboda haka a nuna musu adon tun kafin su karɓa. Tsohon leshin gado da ya fara rubewa, wanda idan an ɗan ja shi ake jin zaren na tsinkewa, kada a sa masa ruwa a gida.

Yaya ake gane zaren da zai zuba tun kafin ya ɓata yadin?

A jiƙa farin ƙyalle ko auduga da ruwan sabulun da za a yi wankin da shi, a danna shi a kan zaren ta bayan yadi, a riƙe kamar minti ɗaya, sannan a duba. Kowace kala a gwada ta daban, domin ja na iya zuba alhali koren da ke gefensa bai motsa ba. Ja, baƙi da shuɗi mai duhu su ne aka fi sani da wannan hali. Idan ƙyallen ya ɗauko kala sosai kuma yadin fari ne, a haƙura da wankin gida. Idan ɗan alama ne kawai, ana iya wankewa da ruwan sanyi cikin sauri ba tare da jiƙawa ba.

Idan kuma ana tsakiyar wanki aka ga kala ta fara fita, kada a tsame kayan a ajiye gefe. A ci gaba da ɗauraya da ruwan sanyi mai yawa har ruwan ya fito tas. Rinin da ya zauna ya bushe a kan farin yadi shi ne mai wuyar fita.

Wane sabulu da wane irin ruwa ya dace?

Sabulun ruwa marar ƙarfi, irin wanda aka yi don kaya masu laushi, kamar ƙaramin cokali ɗaya a lita 4 zuwa 5 na ruwa. Wannan zai yi wa mutum kaɗan a ido, amma duk abin da aka ƙara a kai aikin ɗauraya kawai aka ƙara wa kai. Garin sabulu yakan maƙale a cikin cushen aiki bai narke ba, sabulun sanda kuma yana tilasta a goga shi a jikin yadi, ga shi yana barin dauɗa idan ruwan mai gauri ne, wato irin wanda sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa. Idan siliki ne ko ulu, a guji sabulun da aka zuba wa sinadaran da ke cinye tabon jini da gumi, domin siliki da ulu furotin ne, sinadarin ba ya bambance su da tabon.

Zafin ruwa kada ya wuce digiri 30, wato idan an sa hannu ba a jin ɗumi sosai. Haka kuma ruwan ya zama garau. Ruwa mai ja-ja yana ɗauke da ƙarfe, kuma wannan ƙarfen yana zama a jikin farin kaya ya zama tsatsa; akwai ƙarin bayani a amsar da ta yi magana kan dafewa.

To yaya wankin hannun yake, daki-daki?

Kafin a taɓa ruwa, a cire zobe da awarwaro da agogo, a duba farce ko akwai mai kaifi. A rufe zif da ƙugiyoyin rigar, a juya ta baibai yadda aikin zai koma ciki. Idan akwai inda ya fara ɓarkewa a ɗinke shi yanzu, domin ƙaramin huji girma yake yi a wanki. A samu baho mai santsi wanda babu tsaga ko tsatsa a jikinsa, mai faɗin da kayan za su kwanta ba a dunƙule ba. A narkar da sabulun a ruwa tukuna, sannan a sa kayan, riga ɗaya a lokaci ɗaya.

Wankin da kansa dannawa ne. A shimfiɗa tafin hannu a danna kayan zuwa ƙasan baho, a saki su taso, a sake dannawa. Ruwan da ke shiga yana fita ta cikin hujin shi ke fitar da datti. Ba a cuɗa leshi da leshi, ba a sa masa buroshi. Wuya da hammata, inda maiƙon jiki ke taruwa, a ɗiga musu ɗan sabulu a daddanna da yatsa ta bayan yadi. Farin leshi marar kala yana iya zama minti 10 zuwa 15 a ruwan. Mai zaren kala ko duwatsun gam kada ya wuce minti 5.

Ɗauraya ce inda aka fi yin gaggawa, kuma ita ce ta fi muhimmanci ga farin kaya. A tura kayan gefe a tsiyaye ruwan, a zuba sabo, a daddanna, a maimaita har sai an danna ba a ga kumfa ba, wanda yawanci yakan ɗauki ruwa uku ko huɗu. Kada a tara kayan kai tsaye a ƙarƙashin famfo mai ƙarfi. In za a ɗaga su, a tattara su gaba ɗaya a tallabe da hannu biyu ta ƙasa. Kama jiƙaƙƙiyar rigar leshi ta kafaɗa a ɗaga sama kaɗai ya isa ya buɗe wuyanta. Babban mayafi ko shimfiɗar tebur kuma, a sa tsohon farin zanen gado a ƙarƙashinsa tun cikin baho, sai a ɗaga zanen da shi.

Ba ni da lokacin wankin hannu. Injin wanki fa?

Leshin foliyesta ko auduga mai kauri da aikin inji marar duwatsu suna iya shiga. A juya su baibai, a sa kowanne a jakar raga tasa mai ƙananan huji, a zaɓi wankin kaya masu laushi da ruwan sanyi, a rage gudun matsewa zuwa kamar juyi 400 ko 600 a minti. Kada a haɗa su da tawul, wandon jins, ko abin da ke da ƙugiya ko mannau mai ƙaiƙayi. Injin busarwa kuwa babu ruwansa da leshi ko kaɗan.

Me ya sa ake nacewa a kan shanya a shimfiɗe, kuma yaya ake yinta?

Idan aka rataye jiƙaƙƙen leshi, ruwa yana gangarowa ƙasa ya taru a bakin rigar, nauyin ya ja hujin ya mayar da zagaye dogo. Da ya bushe a haka, a haka zai zauna. Igiya tana barin layi, maƙalan shanya suna barin shaida, waya kuma tana iya barin tsatsa. Akwai wata illa da ba a cika lura da ita ba: ruwan da ke gangarowa yana jan ɗan rinin zare zuwa farin da ke ƙasansa.

Ba a murɗa leshi don a matse shi. A shimfiɗa shi a kan farin busasshen tawul, a naɗe su tare, a danna naɗin daga wannan kai zuwa wancan, a warware. Idan tawul ɗin ya jiƙe sharkaf a sake da wani. Tawul ɗin ya zama fari ko wanda an tabbatar ba ya zuba. Idan kayan na da duwatsu masu ƙafar ƙarfe, a sa farin yadi mai santsi tsakaninsu da tawul, domin ƙafafun na kama gashin tawul. Daga nan a kwantar da kayan a kan sabon busasshen tawul ko ragar shanya, a gyara siffarsu da tafin hannu tun suna da danshi: a daidaita kafaɗu, a miƙe hannuwa, a baje kunnuwan da ke bakin leshin ɗaya bayan ɗaya. Mai son daidaito yakan auna tsawo da faɗin rigar kafin wanki, ya mayar da ita wannan awon a wurin shanya.

Inuwa mai iska ake nema, ba rana ba. Hasken rana yana sa nailan da siliki su yi rawaya, yana kuma koɗar da zaren kala. A juya kayan idan saman ya sha iska, a canza tawul idan ya yi sanyi. Fanka tana taimakawa ƙwarai, domin kayan da suka daɗe a jiƙe su ne ke zuba, su ne kuma ke warin danshi. Cushen aiki yana daɗewa bai bushe ba fiye da yadin da ke kewaye da shi, saboda haka shi za a taɓa, ba yadin ba, kafin a ce an gama.

Bayan wanki yadin ya tattare a kewayen aikin. Guga za ta gyara?

Wannan yana faruwa ne idan yadin da zaren ba su tsuke daidai da juna ba. Maganinsa na farko a wurin shanya yake: a ja yadin a hankali a kewayen aikin tun yana da danshi, kamar yadda aka bayyana a amsar da ta gabata. Abin da ya rage guga na iya kwantar da shi.

A kifa aikin a kan tawul mai kauri, a ɗora siririn farin ƙyalle a bayansa, a riƙa ɗora dutsen guga ana ɗagawa, ba a jansa, domin hancinsa na shiga hujin leshi. Tawul ɗin yana ba aikin wurin nutsewa, don haka yana fitowa a tashe, ba a murƙushe ba. Alamar ɗigo ɗaya a ma'aunin zafin dutsen guga kusan digiri 110 ne, shi ya dace da nailan da duk abin da ba a tabbatar da shi ba. Ɗigo biyu kusan 150 ne, kuma leshin auduga ba ya bukatar fiye da haka. A kauce wa duwatsun gam da ƙyalƙyalin roba. Kada kuma a goge wurin da ke da tabo, zafi yana dasa shi.

Zare ya fizge ya fito. In yanke shi?

A'a. Wannan madaukin da ya fito tsakiyar zare ne, idan aka yanke shi an samu bakuna biyu da za su warware. A shimfiɗa wurin, a ɗan ja yadin a hankali ta kowane ɓangare, sau da yawa rabin zaren zai koma da kansa. Sauran kuma a zura allura da zare ta bayan yadi ta fito daidai gindin madaukin, a ratsa ta cikinsa, a mayar da allurar ta wannan hujin, sai zaren ya jawo madaukin zuwa baya. Idan ya riga ya tsinke, a mayar da bakunan baya a kama su da ɗinki biyu ko uku na siririn zare mai kala iri ɗaya. Kada a ƙona bakin da wuta, kada kuma a ɗiga masa gam mai ƙarfi. Yana taurara wurin kuma yana yin rawaya.

An ajiye farin leshi tas, an ɗauko shi ya dafe. Daga ina rawayar ta fito?

Yawanci tun kafin a ajiye shi take ciki, ba a ganinta ne kawai. Gumi, maiƙon jiki, man shafawa, turare da ɗigon abin sha mai sukari duk suna bushewa ba alama, sannan iska ta yi ta aiki a kansu wata da watanni har su koma rawaya ko ruwan ƙasa, kamar yadda yankakken tuffa ke canza launi idan an bar shi a buɗe. Shi ya sa rigar da aka sa na awa biyu aka ce ai ba ta yi datti ba ita ce aka fi samu da tabo. Ragowar sabulu da sitati ma haka suke yi, sitati kuma har ƙwari yake kira.

Inda rawayar ta fito yakan faɗi dalilinta. Idan a wuya, hammata da bakin hannu ne, jiki ne. Idan ɗigo-ɗigo ne a ƙirji, turare ne ko abin sha. Idan ta bi layin ninki ko ta tsaya a gefen da ya jingina da akwati, daga ma'ajin ne: katako marar fenti, kwali da jarida suna da tsami da ke ratsawa cikin yadi. Idan a gefen da ke kusa da bakin leda ne, akwai wani sinadari da ake kira BHT da ake sa wa wasu ledoji, wanda idan ya haɗu da hayaƙin girki ko na mota da ke cikin iska yake rina farin yadi rawaya. Ƙananan ɗigo ja-ja kusa da ƙugiya ko fil tsatsa ce. Idan kuwa duk rigar ce ta dafe bai ɗaya, a zargi ɗauraya, ruwa mai ƙarfe, rana, ko bilic.

Bilic mai kulorin ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi mutane ke rugawa su ɗauko. Yana cinye siliki da ulu, yana mayar da nailan da yadi mai roba rawayar da ba ta fita, yana ƙara ƙarfin tabon tsatsa, ko auduga ma yana raunana siraran zarenta.

Ina da farar rigar leshin auduga, hammata da wuya sun yi rawaya, akwai kuma shuɗin aiki a ƙirji. Ta ina zan fara?

A fara da gwajin zuba a kan shuɗin, sannan a yi wankin hannu na yau da kullum a shanya a shimfiɗe. Wani lokacin rabin rawayar datti ne kawai kuma zai tafi a nan. Abin da ya rage sai a nemi garin bilic mai oksijin, wanda ba shi da kulorin. A narkar da babban cokali ɗaya zuwa biyu a lita 4 na ruwa mai ɗumin kusan digiri 40, sai dai idan kwalinsa ya faɗi wani awo, domin a ruwan sanyi ba ya aiki sosai. A tabbatar ya narke duka. A sake gwada shuɗin zaren da wannan ruwan, tunda wanda ya jure sabulu ba lallai ya jure shi ba.

Idan ya jure, a nutsar da rigar duka, a riƙa dubawa duk bayan rabin awa. Awa biyu zuwa huɗu sukan isa, kuma bayan kamar awa shida ruwan ya gama aikinsa, barinta ta kwana ba ya ƙara komai. Idan shuɗin bai jure ba, a tsoma hammata da wuyan kaɗai a ƙaramin kwano, ƙirjin yana waje a kan busasshen tawul. A ɗauraye sosai, a shanya a inuwa, a yanke hukunci bayan ta bushe, domin jiƙaƙƙen yadi yana ɓoye rawaya. Ana iya maimaitawa sau ɗaya ko biyu. Abin da ya ƙi fita bayan haka ya riga ya canza zaren kansa, ƙara matsa masa yagewa zai jawo.

Wannan hanya ta auduga da foliyesta ce. Ba a yinta ga siliki, ulu, ko zaren zinariya da azurfa, wanda yake dishewa. Ba ta kuma fitar da tsatsa. Tsatsa tsami take so, kamar ɗan ruwan lemon tsami a kan ɗigon idan farar auduga ce, sannan a ɗauraye sosai. Duk abin da za a yi, kada a haɗa ruwan tsami ko ruwan khal da bilic mai kulorin, iska mai guba suke fitarwa.

A cikin me ya fi dacewa a ajiye?

Sharaɗi na farko, kayan su kasance wankakku, busassu sarai, babu sitati, babu turare. A cire fil da duk ƙarfen da ke iya cirewa. A naɗe su a cikin tsohon farin zanen gado na auduga ko rigar matashi da aka wanke aka ɗauraye da kyau, ko takarda marar tsami da ake yi musamman don ajiyar yadi. Wannan rufin shi zai tare tsamin katako da kwali, shi zai sha ƙura, kuma a riƙa wanke shi kamar sau ɗaya a shekara. Ledar da aka kawo kaya daga wurin wanki ta hanya ce kawai, a cire ta da an iso. Jakar da ake zuƙe wa iska tana murƙushe aiki ta dasa kari. Akwatin roba mai tauri yana da amfani wajen tare ƙwari, muddin an shimfiɗa masa yadi kuma kayan sun bushe ƙwarai.

Wurin ya zama mai duhu da sanyi-sanyi, nesa da bango mai tsattsafo, ɗakin girki da ƙarƙashin rufin da ke ɗaukar zafi. Danshin iska kusan kashi 50 cikin 100 shi ne daidai. Idan ya daɗe sama da 65 zuwa 70, fumfuna na samun wuri.

A ninke, a naɗe, ko a rataye?

Dogon abu marar ɗinki, kamar mayafi, yadin da ba a ɗinka ba ko shimfiɗar tebur, naɗi ya fi masa. A samu bututu mai faɗi, a lulluɓe shi da farin yadi, a naɗe kayan a kai fuskar aikin tana kallon waje, domin idan tana ciki takan tattare. A sa siririn yadi tsakanin zagaye da zagaye don kada duwatsu su kama raga. Riga kuwa a ninke ta ninki kaɗan, a cusa nannaɗaɗɗen ƙyalle a cikin kowane lanƙwasa don kada ya yi kaifi, a kuma kauce wa ninkawa ta tsakiyar aiki. Masu nauyi a ƙasa, masu laushi a sama. Duk bayan wata huɗu zuwa shida a fito da su su sha iska a inuwa, a sake ninkewa ta wani layin daban, domin zare a kan tsohon kari yake fara karyewa.

Ratayewa ta 'yan kwanaki ce, ga riga marar nauyi, a kan hanga mai faɗin kafaɗa da aka lulluɓe. Riga mai duwatsu da yawa nauyinta kaɗai zai ja kafaɗunta ko a bushe take.

Kafur fa, yana da amfani? Idan kuma na tarar da fumfuna?

Kafur yana aiki ne kawai a akwati rufaffe, kuma kada ya taɓa kayan: yana iya lalata ƙyalƙyalin roba, warinsa yana kama yadi, ga shi guba ne ga yara da dabbobi. Asu ulu da siliki yake ci, musamman masu gumi a jiki, sauran ƙwarin kuma sitati da ragowar datti ke jawo su, don haka wankin da aka yi kafin ajiya ya fi kafur tasiri.

Fumfuna ana fara jin warinta kafin a ga baƙaƙen ɗigonta. A fitar da kayan waje, a raba su da sauran, a bar su su bushe sarai, a kakkaɓe a hankali da hanci a rufe, sannan a wanke. Idan farar auduga ce kuma ɗigon ya ƙi fita, a bi hanyar bilic mai oksijin da aka bayyana a amsar rigar da ta yi rawaya. A wanke rufin, a goge akwatin ya bushe, a kuma canza masa wuri kafin a mayar da kayan.